Takardar Shaidar Asalin Kaya: Abin da Take Faɗa da Wanda Ke da Ikon Bayar da Ita

Takardar shaidar asalin kaya takarda ce da ke raka hajar da aka fitar daga wata ƙasa zuwa wata, wadda a cikinta wata hukuma ko ƙungiya da aka amince da ita take tabbatar da ƙasar da aka noma kayan, ko aka haƙo su, ko aka ƙera su. Abin da ake nufi da asali a wannan fage ya bambanta da tashar da aka yi lodi, ya kuma bambanta da ƙasar mai kayan, domin atamfar da aka saƙa aka buga a ƙasar Sin tana nan a matsayin kayan Sin ko da ta shekara a rumfunan Kantin Kwari kafin wani ɗan kasuwar Kano ya aika da ita Kumasi. Kwastan na ƙasar da kaya za su shiga suna neman sanin asali saboda da shi ake yanke yawan kuɗin fito, da shi ake gane kayan da aka hana shigowa da su daga wata ƙasa ko aka ƙayyade adadinsu, kuma da shi ake ɗora ƙarin haraji a kan kayan ƙasar da aka samu tana karyar da farashi don kashe masana'antun wasu.

Takardar iri biyu ce, kuma rikita su shi ne kuskuren farko da sababbin masu fitar da kaya ke yi. Akwai ta gama-gari, wadda iyakarta ta faɗi cewa kayan na ƙasa kaza ne, ba ta kuma jawo wa mai saye ragin ko kwabo a kan kuɗin fito. Akwai kuma ta rangwame, wadda ake bayarwa a ƙarƙashin wata yarjejeniyar ciniki tsakanin ƙasashe, wadda idan aka gabatar da ita kwastan za su rage kuɗin fito ko su yafe shi gaba ɗaya. Kowace yarjejeniya tana da fom nata, da sharuɗɗanta na gane asali, da hukumar da ta ambata a matsayin mai sa hannu, saboda haka takardar gama-gari, komai kyan hatiminta, ba ta tsayawa a madadin ta rangwame.

Abin da takardar take ɗauke da shi

Za a fi ganin abin da ke cikin takardar gama-gari idan aka bi kaya guda daga sito zuwa jirgi. A ƙaddara wani kamfani a Kano ya sayi riɗi a kasuwannin Jigawa, ya tace shi da inji, ya zuba a buhuna masu cin kilo 50, ya cika kwantena biyar masu ƙafa ashirin, kowace da buhu 380, domin wani mai saye a Turkiyya da zai karɓa a tashar Mersin. Jimillar buhuna ta kama 1,900, nauyin riɗin zalla kilo 95,000, idan kuma kowane buhu wofi yana da nauyin giram 100, nauyin kaya da mazubinsu zai zama kilo 95,190.

Gidan farko na fom yana ɗaukar sunan mai fitar da kaya da adireshinsa kamar yadda suke a takardar rajistar kamfani, harafi da harafi, na biyu kuma yana ɗaukar sunan wanda aka aika wa kayan. Sai bayanin sufuri, wato sunan jirgi da lambar tafiyarsa, da tashar lodi, wadda a wannan misali za ta kasance Apapa ko Lekki, da tashar sauka. Daga nan sai babban gidan da ke tsakiyar takarda, inda ake rubuta alamomin da aka buga a jikin buhuna, da lambobin kwantenoni, da yawan buhuna da irinsu, da bayanin kayan a cikin kalmomin da kowane jami'i zai gane, da nauyi zalla da nauyi haɗe da mazubi, da lambar takardar farashin kaya da kwanan watanta. Wasu fom suna da wurin lambar rukunin kaya, wato lambar da ke cikin tsarin bai-ɗaya na Ƙungiyar Kwastan ta Duniya, wanda aka fara aiki da shi a 1988, wanda kuma lambobinsa shida na farko iri ɗaya ne a duk ƙasashen da ke bin sa. Riɗi yana ƙarƙashin 1207.40. Idan akwai sauran fili a ƙarƙashin layin ƙarshe na bayanin kaya, ana jan layi a kashe shi domin kada wani ya ƙara abin da ba a tantance ba bayan an buga hatimi.

Jigon takardar yana ƙasa, a gidaje biyu da ke gefen juna. A ɗaya mai fitar da kaya yake furta cewa bayanan da ke sama gaskiya ne, kuma kayan asalinsu Najeriya ne, ya sa hannu ya rubuta wuri da kwanan wata. A ɗayan mai bayar da takarda yake tabbatar da wannan furuci gwargwadon hujjojin da aka gabatar masa, ya sa hannu ya buga hatimi, ya kuma ba takardar lambar da za a iya bin sawunta a rajistarsa. Wannan rabon aiki yana da ma'ana a shari'a, domin nauyin gaskiyar magana yana wuyan mai kaya, shi kuwa mai hatimi shaida ne a kan takardun da ya gani, kuma sau da yawa bai taɓa ganin buhu ko ɗaya ba.

Takardar ba ta cewa komai game da ingancin riɗin, ko yawan mansa, ko tsabtarsa daga ƙwari. Wannan aikin wasu takardu ne, kamar shaidar lafiyar tsirrai da hukumar killace amfanin gona ta NAQS ke bayarwa, da shaidar inganci da feshin magani ta hukumar duba amfanin gona ta tarayya. Haka nan ba ta nuna wanda ya mallaki kaya, domin wannan yana ga takardar lodin jirgi, wadda duk wanda ke riƙe da ita bisa ƙa'ida shi ne zai karɓi kwantena.

Riɗin da aka noma aka girbe a Najeriya yana cikin abin da ƙa'idojin asali ke kira kayan da aka samar gaba ɗaya a ƙasa guda, rukunin da ya haɗa da amfanin gona, da ma'adinan da aka haƙo, da dabbobin da aka haifa aka kiwata a ƙasar. A takarda babu abin da ya fi wannan sauƙi, amma a kasuwa lamarin yana da ƙura, saboda kasuwa irin ta Maigatari tana bakin iyaka, kuma riɗin da aka noma a jihar Damagaram yana shigowa ya gauraya da na Jigawa tun kafin ya kai hannun babban dillali. Tacewa, da busarwa, da ware tsakuwa, da sake zubawa a sabon buhu mai tambarin kamfanin Kano, duk suna cikin ƙananan ayyukan da Yarjejeniyar Kiyoto kan sauƙaƙa ayyukan kwastan, wadda aka sabunta a 1999 ta fara aiki a 2006, ta ce ba su isa su sauya asali ba. Riɗin Nijar da aka tace a Kano riɗin Nijar ne, kuma kamfanin da ya san ya saye shi daga tsallaken iyaka ya rubuta Najeriya a takarda ya yi furucin ƙarya. Da ya matse shi ya fitar da mai, da magana ta canza, domin man riɗi yana ƙarƙashin 1515.50, wani rukuni dabam, kuma aikin da ya fitar da shi an yi shi ne a Najeriya. Sauya jirgi a hanya kuwa, a ce an sauke kwantenonin a wata tashar Maroko ko Sifen an ɗora wa wani jirgi, ba ya taɓa asali muddin kayan suna ƙarƙashin kulawar kwastan ba a buɗe an yi musu wani aiki ba.

Wanda ke da ikon bayar da ta gama-gari

Ikon bayar da takardar asali na gwamnati ne, amma tun Yarjejeniyar Janeba ta 1923 kan sauƙaƙa ƙa'idojin kwastan ƙasashe suka yarda cewa gwamnati tana iya damƙa wannan aiki ga wata ƙungiya da ke da cancanta da amanar da ake bukata, kuma a mafi yawan ƙasashe cibiyoyin ciniki da masana'antu aka damƙa wa, saboda su ne ɓangare na uku da ba mai saye ba, ba mai sayarwa ba, kuma sun san 'yan kasuwar garinsu. A Najeriya ana karɓar ta gama-gari ta hannun NACCIMA, uwar ƙungiyar cibiyoyin ciniki, masana'antu, ma'adinai da noma ta ƙasa, wadda aka kafa a 1960, wadda cibiyoyin jihohi irin su KACCIMA ta Kano suke ƙarƙashinta. Wakilin fito da ke tashar jirgi yana iya cike fom ya kai a madadin mai kaya, amma ba shi da ikon bayarwa, haka kamfanin jirgi, haka bankin mai kaya, haka lauyan da ke shaida sa hannu. Takardar da wakili ya kawo cikin sa'a guda ba tare da ya nemi kwafin ko takarda ɗaya daga mai kaya ba abar tuhuma ce, kuma hanyar gane gaskiyarta ita ce a tambayi ofishin da sunansa ke kan hatimi ko lambar tana cikin rajistarsa.

Kafin a je neman takardar, kamfanin riɗin zai riga ya mallaki rajistar hukumar yi wa kamfanoni rajista, da shaidar mai fitar da kaya daga hukumar bunƙasa fitar da kaya ta NEPC, ya kuma buɗe fom ɗin NXP ta bankinsa, wanda da shi Babban Bankin Najeriya yake bin sawun kuɗin kayan har su dawo gida. Abin da mai bayarwa zai duba shi ne takardar farashi, da jerin ƙunshin kaya, da takardar lodin jirgi ko daftarinta, da duk wata hujja da ke nuna inda kayan suka fito, kamar rasiɗan saye daga manoma ko dillalai da takardun motocin da suka ɗauko. Mafi aminci shi ne a jira daftarin takardar lodi ya fito daga kamfanin jirgi kafin a cike fom, domin sunan jirgi yakan canza a kwanakin ƙarshe idan kwantena ta rasa gurbi, kuma takardar asalin da ke ɗauke da sunan jirgin da bai ɗauki kayan ba sai an sake ta. Wasu ƙasashe, musamman a Gabas ta Tsakiya, suna ƙara sharaɗin cewa ofishin jakadancinsu ya buga nasa hatimi a bayan na cibiyar ciniki, kuma wannan abu ne da ake tambayar mai saye tun ranar ƙulla ciniki, saboda yana cin kwanaki da kuɗi.

Akwai mai karatu na biyu da ya fi kwastan tsanani, shi ne banki. Idan cinikin riɗin ya gudana da takardar lamunin banki, wato alkawarin bankin mai saye cewa zai biya da zarar an gabatar da takardun da aka lissafa, to ma'aikacin banki ba ya ganin riɗi, takarda kawai yake gani, kuma ƙa'idojin UCP 600 da Cibiyar Ciniki ta Duniya ta fitar a 2007 sun ba shi kwanakin aiki biyar ya duba, sun kuma ce bayanin da ke wata takarda bai zama dole ya yi daidai kalma da kalma da na wata ba, amma kada ya saɓa masa. Idan takardar lodi ta ce kilo 95,190 a matsayin nauyi haɗe da mazubi, takardar asali kuma ta rubuta 95,000 a wannan gida saboda magatakarda ya ɗauki nauyin zalla ya sa inda ba wurinsa ba, banki yana da hujjar ƙin biya har sai mai saye ya yafe, kuma mai sayen da ya ga farashin riɗi ya faɗi a makonnin da jirgi ke kan ruwa ba ya gaggawar yafewa sai an rage masa wani abu. Batun mai bayarwa ma yana nan: idan lamunin ya ce cibiyar ciniki ce za ta bayar, takardar da kamfani ya buga a kan takardarsa mai tambari ba za ta wuce ba, idan kuwa bai ambaci kowa ba, banki zai karɓa daga duk wanda ya bayar, ko da yake kwastan na Mersin suna da nasu sharaɗin da bai rataya ga na banki ba.

Ta rangwame, da misalin atamfa

Takardar rangwame ta fi wuyar samu saboda kuɗin gwamnati ake yafewa da ita. Tsarin sassauta ciniki na ECOWAS ya fara a 1979 da amfanin gona da kayan sana'ar hannu, aka shigar da kayan masana'antu a 1990, kuma yarjejeniyar da shugabannin ƙungiyar suka sa wa hannu a Janairun 2003 ta bayyana hanyoyi uku da kaya ke zama 'yan asalin yankin. Atamfa ta dace da bayanin hanyoyin nan, domin turmi huɗu masu zane iri ɗaya suna iya samun hukunci huɗu.

Turmi na farko an yi shi da audugar da aka noma a Katsina ko Zamfara, aka gurza a Funtuwa ko Gusau, aka kaɗa zare, aka saƙa, aka buga zane a masaƙar Kano. Wannan ya shiga ta hanyar farko, ta kayan da aka samar gaba ɗaya a yankin, kuma yarjejeniyar 2003 ta sa a wannan rukuni kayan masana'antar da aƙalla kashi 60 cikin ɗari na yawan ɗanyen kayansu daga yankin suke, saboda haka rinin da aka sayo daga waje ba ya ɓata shi. Audugar Benin ma da za ta yi, domin abin da aka samar a kowace ƙasar ƙungiyar ana lissafa shi a matsayin na gida.

Turmi na biyu an saƙa shi a Kano da zaren da aka sayo daga Indiya. Zaren auduga yana ƙarƙashin lamba 5205, saƙaƙƙen yadin auduga mara nauyi kuma yana ƙarƙashin 5208, don haka lambobi huɗu na farko sun sauya tsakanin abin da ya shiga masaƙa da abin da ya fito, kuma wannan sauyin rukuni shi ne hanya ta biyu, wadda yarjejeniyar ta haɗa da jerin keɓaɓɓun kayan da sauyin lamba kaɗai bai wadatar musu ba, jerin da ake dubawa kafin a dogara da ita.

Turmi na uku shi ne mai wahala. An shigo da akoko, wato saƙaƙƙen yadin da ba a wanke ba, ba a rina ba, daga Asiya, aka wanke aka buga masa zane a Kano. Akoko da bugaggen yadi duka suna zaune a 5208, bambancinsu sai a lamba ta biyar, saboda haka hanya ta biyu a rufe take, sai ta uku, ta ƙarin daraja. Yarjejeniyar 2003 ta ce a ɗauki kuɗin da kayan suka tsaya wa masana'anta a ƙofarta kafin haraji, a cire kuɗin ɗanyen kaya da mazubi da aka shigo da su daga wajen yankin, haɗe da kuɗin jirginsu da inshora, abin da ya rage kuma ya kai aƙalla kashi 30 cikin ɗari. Idan turmi ya tsaya a naira 10,000, akoko da rini da ledar naɗi na waje suka ci 6,500, saura 3,500, wato kashi 35, ya wuce. Amma idan naira ta faɗi kayan waje suka koma 9,500, albashi da wuta da sauran kuɗin gida suka tsaya a 3,500, turmi ya koma 13,000, ƙarin darajar ta sauko ƙasa da kashi 27, kuma atamfar da ta cancanta bara ta daina cancanta bana ba tare da an taɓa ko inji ɗaya ba. Masana'antar da ke tafiya a kan wannan hanya tana bukatar sake lissafi duk lokacin da canji ya motsa sosai, kuma tun da ECOWAS ta sake fasalin ƙa'idojin asali a ƙarshen 2018, ma'aunin da za a yi lissafin da shi ana karɓarsa ne daga kwamitin amincewa na ƙasa, wanda bayaninsa ke tafe, a lokacin neman izini.

Turmi na huɗu an gama shi a Sin, an biya masa kuɗin fito a Legas, an sayar a Kantin Kwari. Ba shi da hanya ko ɗaya, domin biyan kuɗin fito yana halatta sayar da kaya a cikin ƙasa ne kawai, kuma yanka shi turmi-turmi da liƙa masa lakabin Najeriya ƙaramin aiki ne irin tace riɗi. Yarjejeniyar 2003 ta kuma cire kayan da aka sarrafa a yankunan ciniki marasa haraji daga samun wannan matsayi, abin da yakan ba masu masana'antu a irin waɗannan yankuna mamaki.

Bambancin a aljihu yake bayyana. Harajin bai-ɗaya na ECOWAS a kan kayan waje, wanda aka fara a 2015, yana da matakai biyar, daga sifili zuwa kashi 5, 10, 20 da 35, kuma kayan da aka gama sarrafawa domin masu amfani suna a matakan sama. Idan aka ƙaddara kashi 20 a kan atamfar dala 40,000 da za ta shiga Gana, takardar ta tsare wa mai saye dala 8,000. Harajin kayan masarufi da sauran harajin cikin gida na Gana suna nan, domin takardar kuɗin fito kaɗai take ɗaukewa.

A wannan tsari ba a farawa da takarda, ana farawa da izini. Masana'anta tana kai buƙatarta ga kwamitin amincewa na ƙasa, wanda a Najeriya yake zama a ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Waje tare da wakilan kwastan da sauran hukumomi, ta bayyana yadda take aiki, da ɗanyen kayanta da inda suke fitowa, da lissafin kuɗin kowane kaya, a kuma zo a ga masana'antar da ido. Idan an amince, kamfani yana samun lamba mai alƙaluma bakwai, uku na farko lambar ƙasa, wadda ga Najeriya ita ce 566, kowane kaya kuma yana samun tasa mai alƙaluma goma sha ɗaya, sannan a sanar da Hukumar ECOWAS ta sanar da sauran ƙasashe. Izinin na kaya ne ɗaya-ɗaya, don haka masaƙar da aka amince wa atamfa ba za ta fitar da bargo da wannan lamba ba. Bayan haka ne ake karɓar takardar asali ga kowane lodi, NACCIMA ta bayar, kwastan na wurin fita su sa hannu su buga hatimi, kuma ba a karɓar wadda aka kankare ko aka rubuta wani abu a kan wani. Amfanin gona da dabbobi da kayan da aka yi da hannu yarjejeniyar ta ɗauke musu wannan takarda, saboda haka mai kai albasa ko shanu ko takalman Dukawa ba ya bukatarta, ko da yake shaidar lafiyar tsirrai ko ta dabbobi tana kansa. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga ECOWAS a ranar 29 ga Janairun 2025, kuma a ranar ƙungiyar ta sanar cewa za a ci gaba da ɗaukar kayansu bisa tsarin har sai an ba da wata sanarwa, matsayin da mai kai kaya Maraɗi ya kamata ya tabbatar a wurin kwastan kafin kowane lodi.

Sauran yarjejeniyoyi kowace da mai sa hannunta. Ta kasuwar bai-ɗaya ta Afirka, wadda aka ƙulla a Kigali a 2018, Najeriya kuma ta sa hannu a Yamai a 2019, ta bar wa kowace ƙasa ta naɗa hukumar da za ta bayar, Najeriya kuma ta naɗa Hukumar Kwastan. Takardarta tana aiki wata goma sha biyu, kuma ta buɗe wata ƙofa ga ƙananan 'yan kasuwa, inda mai kayan da darajarsu ba ta wuce dala 5,000 ba zai iya rubuta furucin asali da kansa a kan takardar farashi, haka ma wanda hukuma ta amince da shi a matsayin amintaccen mai fitar da kaya ko nawa ne darajar lodinsa. Tarayyar Turai ta tafi nesa da haka a tsarinta na rangwame ga ƙasashe masu tasowa, domin daga 2017 ta fara maye gurbin tsohon fom da tsarin REX, inda mai kaya ke yin rajista sau ɗaya ya sami lamba, daga nan ya riƙa rubuta furucin da kansa, wanda kuma lodinsa bai wuce yuro 6,000 ba yana iya yi ko ba rajista. Sauƙin yana tafe da nauyi, domin babu wani jami'i a tsakani da zai tare kuskure kafin kaya su tashi.

Hatimi ba ya rufe magana. Kwastan na ƙasar da kaya suka shiga suna da ikon mayar da takarda ga hukumar da ta bayar domin a sake bincike, ko don sun yi shakka ko don zaɓen gwaji kawai, kuma abin da yakan ta da shakkar a bayyane yake: sa hannun da bai yi kama da samfurin da aka aiko musu ba, lambar izinin da ba ta cikin jerin da aka sanar, lambar rukunin da ta saɓa wa abin da aka gani da aka buɗe kwantena, ko rubutun wata ƙasa a gefen yadi ko a gindin kwali. Yayin binciken akan saki kaya bayan an ajiye jinginar cikakken kuɗin fito, ko su zauna a tasha kuɗin jinkiri yana hawa, idan kuma amsa ba ta zo a kan lokaci ba ko ta zo ba gamsarwa, rangwamen ya faɗi, mai saye ya biya, ya juyo kan mai sayarwa. Abin da ke fitar da kamfani a wannan hali shi ne fayil ɗin lodin, mai ɗauke da rasiɗan sayen auduga ko riɗi, da takardun shigo da rini da zare, da rajistar aikin masana'anta ta kwanakin da aka yi kayan, da lissafin ƙarin daraja da farashin canjin da aka yi shi da shi. Yarjejeniyar Afirka ta wajabta ajiye irin waɗannan takardu aƙalla shekara biyar daga ranar da aka ba da takardar asalin.